An ce za a sa wa Baba sitent a zuciya: yadda aikin yake da abin da ke biyo baya

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ɗan shekara 63 ne, muna zaune a Tudun Wadan Zariya. Yana da ciwon suga da hawan jini, kuma kwanan nan ƙirjinsa kan danne shi idan ya taka zuwa masallaci. Likitan zuciya ya ce a yi masa anjiyogiram, wataƙila ma a sa sitent a lokaci ɗaya. Me za a yi masa ne a zahiri, kuma yaya jinyar take bayan nan?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Ka fara kwantar wa Baba da mutanen gida hankali a kan abu ɗaya: ba za a tsaga ƙirjinsa ba, kuma ba za a sa shi barci ba. Idonsa biyu za a yi aikin, yana jin maganar likita, yana amsawa. Raunin da zai koma gida da shi bai wuce ɗan huji a wuyan hannu ba, ko a gindin cinya.

Zuciya tsoka ce, ita ma tana bukatar jinin da za ta ci, kuma jinin da ke wucewa ta cikinta ba ya ciyar da ita. Tana da nata jijiyoyin da suke kwance a jikinta ta waje: ɗaya a dama, ɗaya a hagu wadda take rabuwa biyu, reshe ɗaya ya gangara ta gaba, ɗayan ya zagaya ta gefe. Faɗin kowacce bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Suga da hawan jini da kitse a jini da taba sukan sa wani daskararren kitse ya taru a cikin bangon jijiyar a tsawon shekaru, har hanyar ta tsuke. Idan Baba yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya ishi zuciyar. Da ya miƙe ya kama hanya, zuciya ta nemi ƙari, hanyar ta kasa bayarwa, sai ƙirji ya danne. Idan ya tsaya ya huta minti biyu ko biyar, abin ya sake shi. Mutanenmu da yawa sukan shekara suna shan maganin olsa a kan wannan ciwon, alhali olsa ba ta bin tafiya da hutawa haka. Anjiyogiram hoto ne da ake ɗauka don a ga inda hanyar ta tsuke da kuma yawan tsukewar. Shi kansa ba magani ba ne. Sitent ɗin, wato ƙaramar ragar ƙarfe da ake sawa ta riƙe jijiyar a buɗe, shi ne maganin, idan hoton ya nuna ana bukatarsa.

Kafin ranar, gwajin da na fi damuwa da shi ga mai suga kamar Baba shi ne na ƙoda. Rinin da ake zubawa a jijiya don ta fito a hoto ta ƙoda yake fita, kuma ƙodar da suga ya riga ya taɓa tana iya jigata da shi. Don haka sai an auna kirayatinin a jini, an san ƙarfin ƙodar, sannan a tsara yawan rinin da za a yi amfani da shi da ruwan da za a ƙara masa. Za a duba yawan jininsa ma, domin wanda jininsa ya yi ƙasa ba a so a ɗora shi a kan magungunan hana daskarewar jini ba tare da an san dalili ba. Ku kwashi duk magungunan da yake sha ku kai, da kwalayensu, har da na gargajiya. Idan yana shan maganin suga na metfomin, galibi akan dakatar da shi ranar aikin, a bar shi har awa 48 bayan nan, musamman idan ƙodar ba ta da cikakken ƙarfi. Idan yana allurar insulin, za a rage masa ta safiyar, tunda za a hana shi cin abinci na wasu awanni. Asfirin kuwa ba a dakatar da shi. Kuma idan ya taɓa yin hoton da aka zuba masa rini jikinsa ya yi borin jini ko numfashi ya yi masa wuya, ku faɗa tun kafin a tambaye ku.

A ɗakin aikin za a kwantar da shi a kan wani siririn gado, da na'urar hoto mai siffar baka tana zagaya shi. Ɗakin da sanyi. Za a wanke wuyan hannun dama, a rufe shi da ƙyalle mai tsabta, a yi masa allurar kashe zafi a wurin. Wannan allurar ita ce mafi zafi a duk aikin ga yawancin mutane. Sai a huda jijiyar da ake jin bugunta a ƙasan babban yatsa, a sa ɗan gajeren bututu ya zama ƙofa. Ta cikinsa ake zura wani dogon bututu mai laushi, kaurinsa kamar milimita 2, ya bi ta hannu, ya wuce kafaɗa, ya isa bakin jijiyoyin zuciya. Cikin jijiya ba ya jin taɓi, saboda haka Baba ba zai ji tafiyar bututun ba. Wani lokaci jijiyar hannun takan matse bututun, mutum ya ji tsami a damtse. Ya faɗa kawai, akwai maganin da ake zubawa ta saki. Idan jijiyar hannun ta yi ƙanƙanta ko ta murɗe da yawa, sai a koma ta gindin cinya, daidai inda kaluluwa ke fitowa, kuma wannan ba ya nufin an samu matsala.

Daga nan likita zai riƙa zuba rini kaɗan kaɗan yana ɗaukar hoto ta fuskoki daban-daban, saboda tsukewar da ta ɓuya ta wannan gefe takan bayyana ta wancan. Za a iya ce wa Baba ya ja numfashi ya riƙe, ko ya yi tari. Wani yakan ji ɗumi ya ratsa jikinsa na ɗan lokaci. Hoton kaɗai yakan ɗauki minti 20 zuwa 30.

A nan ne ake yanke shawara, kuma wannan gaɓar ce nake so ku tattauna da likitan tun kafin Baba ya hau gadon, domin mutumin da ke kwance da bututu a zuciyarsa ba ya cikin halin yin dogon nazari. Hoton yana iya nuna tsukewar ba ta kai ta hana jini wucewa ba, sai a zare bututu a ci gaba da magani. Yana iya nuna wuri ɗaya ko biyu da suka tsuke da kashi 70 cikin 100 ko fiye, wanda shi ne inda sitent ke da amfani. Idan tsukewar tana tsakatsaki, akwai wata waya mai auna ƙarfin jini a gaba da bayan wurin, wadda take raba gardama. Sannan yana iya nuna dukkan jijiyoyin uku sun kamu, ko kututturen ta hagu ya tsuke. Ga mai suga da wannan hoton, tiyatar da ake yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye toshewar takan fi sitent amfani a tsawon shekaru. Idan likita ya tsaya a nan ya ce ba zai sa sitent yau ba sai an zauna da likitocin tiyata, kada ku ɗauka kuɗinku ya tafi a banza. Likitan da ya san aikinsa ne yake yin haka.

Akwai gaskiyar da ya kamata ku sani kuma. Ga wanda zuciyarsa ta buga, wato jijiya ta toshe gaba ɗaya tsoka tana mutuwa, buɗe ta da gaggawa yana ceton rai. Ga mai ciwon da ke zuwa da tafiya ya tafi da hutawa, babban abin da sitent ke yi shi ne ya cire ciwon, mutum ya koma harkokinsa. Abin da ya fi kare shi daga bugun zuciya a gaba shi ne magunguna da gyaran suga da hawan jini. Amma idan ciwon Baba sabo ne, ko yana ƙaruwa, ko ya fara zuwa masa yana zaune, lissafin ya canja, kuma bai kamata a jira ranar da aka ba ku ba.

Mu ɗauka hoton ya nuna jijiyar gaba ta tsuke da kashi 85 cikin 100, a tsawon kamar milimita 18, kuma faɗin jijiyar a inda take da lafiya milimita 3 ne. Za a ba Baba magungunan hana daskarewar jini da yawa a karon farko idan bai riga ya sha ba: asfirin miligiram 300, da kilofidogirel miligiram 600 ko tikagirelo miligiram 180. Za a ƙara masa hefarin, shi ma mai hana daskarewar jini ne, ta jijiya gwargwadon nauyinsa. Sai a zura wata siririyar waya, wadda kaurinta bai kai rabin milimita ba, a lallaba ta ta ratsa tsukewar ta wuce can gaba. Duk abin da zai shiga daga baya a kan wayar nan zai hau. Da farko ƙaramin balan-balan na milimita 2.5 zai shiga, a hura shi a daidai wurin ya danne kitsen zuwa bango. Bayansa sai sitent ɗin. Wata ƙaramar raga ce ta ƙarfe, kamar sifirin ɗin cikin biro, an matse ta a jikin wani balan-balan. Za a zaɓi mai faɗin milimita 3, tsawonsa ya ɗan zarce ciwon ta kowane ɓangare, misali milimita 23, domin bakinsa biyu su sauka a kan lafiyayyen wuri. A hura balan-balan ɗin da ƙarfi na daƙiƙa 20 zuwa 30, ragar ta buɗe ta manne a bango, a zuƙe ruwan da aka hura shi da shi, a zare balan-balan, raga ta zauna. Sau da yawa akan sake shiga da wani balan-balan mai tauri a ƙara danna ta, saboda sitent ɗin da bai buɗe sosai ba shi ne ya fi kawo matsala daga baya.

Ka gaya wa Baba wannan tun yanzu: a daƙiƙun da balan-balan yake a hure, jini ba ya wucewa ko kaɗan, don haka ciwon ƙirjin da ya sani zai iya dawowa, wataƙila ma ya fi na kullum. Da an sace balan-balan ɗin yake lafawa. Wanda ba a gaya masa ba yakan firgita ya zaci aikin ya ɓaci. Ya faɗa wa likita abin da yake ji, amma kada ya motsa. Duka aikin yakan ci awa ɗaya zuwa biyu.

Haɗari akwai shi, kuma za a karanta muku kafin ku sa hannu. Wanda aka fi gani shi ne zubar jini ko taruwarsa a wurin hujin. Manya irin su shanyewar ɓarin jiki, bugun zuciya, yagewar jijiya ko rasa rai, a hoto kaɗai ba su kai mutum 1 cikin 100 ba, sukan ɗan ƙaru idan an sa sitent, kuma sun fi yawa ga tsoho tukuf, ko mai ciwon ƙoda, ko wanda aka kawo cikin gaggawa.

Bayan an gama, idan ta hannu aka shiga, za a ɗaura masa wani abin hannu mai iska da ke danne hujin, a riƙa sassauta shi a hankali cikin awa 2 zuwa 4. Zai iya tashi zaune ya ci abinci. Idan ta cinya ne, sai ya kwanta a miƙe na awa 4 zuwa 6 ba tare da ya lanƙwasa ƙafar ba, kuma wannan kwanciyar ce dattawa suka fi kuka da ita saboda ciwon baya da fitsari. Yawanci akan kwana ɗaya a sallame shi. Wanda aka yi wa bayan bugun zuciya yakan yi kwana uku ko fiye. Idan a wani gari aka yi aikin, Abuja ko Kano, gara ku ƙara kwana ɗaya a kusa da asibitin kafin ku kamo hanyar Zariya, kuma a hanya a riƙa tsayawa yana miƙe ƙafa.

A makon farko hankalinku ya tafi wurin hujin da kuma ƙoda. Kada ya ɗauki abin da ya wuce kilo 5, wato ko bokitin ruwa a bar wa yara. Kada ya tuƙa mota ko babur har mako guda, kuma hawa bayan ɗan acaba a hanya mai gargada ba na wanda aka huda wa cinya ba ne. Alwala ba matsala, a dai bar filastar a bushe kwana ɗaya ko biyu. A sujada kada ya dogara da hannun da aka huda wajen miƙewa. Wanda aka bi ta cinya, ya yi sallarsa a zaune kwana biyu ko uku. Fatar wurin takan yi duhu, duhun ya bazu ya sauya launi cikin mako biyu, wannan ba komai. Abin da ba a jira da shi shi ne kumburin da ke girma, ko ƙullutun da ake jin yana bugawa, ko hannu ya yi sanyi ya dushe ko ya kumbura ya yi tauri. Idan jini ya ɓalle, a danne wurin da yatsu da ƙarfi minti 15 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, idan bai tsaya ba a tafi asibiti ana danne da shi. Ga wanda aka bi ta cinya akwai wata zubar jini da ba a gani, wadda take taruwa a ciki ta baya: alamarta ciwon kwiɓi ko baya, da jiri, da gumi mai sanyi.

Ita ƙoda, idan rinin zai taɓa ta, a kwana biyu zuwa uku yake nunawa, kuma sau da yawa ba tare da mutum ya ji komai ba. Shi ya sa nake so a sake auna kirayatinin a kwana na biyu ko na uku kafin ya koma kan metfomin. Ya sha ruwa sosai a kwanakin nan, balle idan a zafin Maris da Afrilu ne, sai fa idan likitansa ya ce zuciyarsa ba ta da ƙarfin ɗaukar ruwa da yawa.

Yanzu ga abin da ya fi duk wanda na faɗa nauyi. Sitent baƙon ƙarfe ne a cikin jini, kuma jini yana son daskarewa a kan baƙon abu. Sitent na zamani an shafe shi da maganin da ke hana tsoka tohowa ta cike shi, amma wannan maganin yana jinkirta fatar da ya kamata ta lulluɓe ƙarfen. Har sai ta lulluɓe shi, abin da ke tsakanin Baba da toshewar sitent ɗin ƙwayoyi biyu ne: asfirin miligiram 75 kullum, da kilofidogirel miligiram 75 kullum, ko tikagirelo miligiram 90 safe da yamma. Ga mai ciwo irin na tafiya akan haɗa su biyun wata 6, ga wanda zuciyarsa ta buga wata 12, sannan a ci gaba da ɗaya har ƙarshen rayuwa. Likitan da ya sa sitent ɗin ne kaɗai zai rage ko ya ƙara wannan wa'adin. Idan aka yanke su da wuri, musamman a watan farko, gudan jini yana iya toshe sitent ɗin farat ɗaya, kuma hakan bugun zuciya ne mai tsanani wanda yake kisa.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ba da gangan mutane suke dainawa ba. Magani ya ƙare ranar Alhamis, a ce bari a ga albashi. Baba ya ji garau, ya ce ai ya warke. Ko a je cire haƙori a ce ya bar maganin mako guda. Saboda haka, a lissafin kuɗin aikin ku sa kuɗin maganin shekara guda tun yanzu. Idan kun san tikagirelo zai fi ƙarfin aljihunku, ku faɗa wa likita kafin a fara, ba kunya a ciki, domin kilofidogirel ɗin da ake sha kullum ya fi mai tsadar da ake sha ana tsallakewa. Ku saya a kantin magani mai rajista, ku riƙa sabuntawa tun da sauran na mako guda. Mutum ɗaya a gidan ya ɗauki nauyin ba shi da hannunsa. Idan ya manta na rana ɗaya, ya sha da ya tuna, kada ya ninka. Katin da za a ba shi mai ɗauke da ranar aikin da girman sitent ɗin ya zauna a aljihunsa, ya nuna wa duk ma'aikacin lafiyar da zai taɓa shi.

Su kuma ƙwayoyin suna da nasu farashin, wato saurin zubar jini. Ɗan jini a dasashi ko tabo a fata ba dalilin dainawa ba ne. Bahaya baƙi ƙirin mai wari, ko aman jini, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, na asibiti ne a ranar, kuma a can za a yanke abin da za a yi da maganin. Magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis, irin su dikilofenak da ibufurofen, su fita daga gidan, domin suna ƙara zubar jini a ciki kuma suna cutar ƙoda. Farasitamol ya isa. Ƙaho da tsagar wanzami a ajiye su a wannan lokacin. Idan yana bukatar maganin kare ciki, a sani cewa omefirazol yana rage ƙarfin kilofidogirel, shi ya sa muka fi ba da fantofirazol. Akwai kuma maganar maganin ƙarfin maza, wanda haɗa shi da ƙwayar da ake sawa a ƙarƙashin harshe don ciwon ƙirji yana iya kayar da ƙarfin bugun jini ƙasa warwas. Wannan ka bar wa likita ya yi masa ita a keɓe, tare da maganar komawa ga iyali.

Game da azumi, idan Ramadan ya zo a makonnin farko bayan aikin, shawarata ya sha ya rama, ga suga ga ƙodar da ba ta daɗe da ganin rini ba. Daga baya, idan komai ya daidaita, ana iya tsara ƙwayoyin tsakanin sahur da buɗa baki, amma a zauna da likita kafin watan ya kama.

Tafiya kuwa ya fara ta tun washegari, a tsakar gida, minti 5 zuwa 10 sau biyu a rana, yana ƙarawa har ya kai minti 30 cikin wata guda. Yawancin waɗanda ba su yi bugun zuciya ba sukan koma kasuwa ko ofis bayan mako ɗaya. Ɗan tsami a ƙirji a kwanakin farko yana faruwa saboda an buɗa jijiyar. Amma ku bambance ciwo iri biyu. Ciwo mai danna ƙirji yana zaune, da gumi ko amai ko sarƙewar numfashi, wanda ya wuce minti 10, ku ɗauke shi toshewar sitent ne har sai an tabbatar ba shi ba ne: a tafi sashen gaggawa mafi kusa da ke da na'urar gwajin zuciya, a asibitin koyarwa na Shika ko inda ya fi sauri, da katin a hannu, ko da tsakar dare ne. Na biyun shi ne ciwon tafiya da ke dawowa sannu a hankali bayan wata 3 zuwa 12. Wannan yakan nuna tsoka ce ta toho a cikin sitent ɗin, abin da ya fi samun masu suga, ko kuma wata jijiyar ce daban ta tsuke. Ba na gudu da daddare ba ne, amma a ga likita a cikin makon.

Sitent ya gyara milimita 23 ne kawai, cutar kuwa tana cikin bangon sauran jijiyoyin. Shi ya sa za a ɗora Baba a kan maganin rage kitsen jini mai ƙarfi, kamar atobastatin miligiram 40 ko 80, ko da gwaji ya nuna kitsensa bai hau ba, kuma ba a daina shi don an ga sakamako ya yi kyau. A zuwansa asibiti na farko, mako biyu zuwa huɗu bayan sallama, ku tafi da littafin da kuke rubuta awon sugarsa da na hawan jininsa a gida, da ragowar ƙwayoyin a kwalayensu, domin likita ya ƙirga ya ga ko ana sha yadda aka tsara.